Ƙa'idar Simpson: yadda ake aiki da ita, da inda take samo ƙarin daidaito

Duk wanda ya yi lissafin kalkulas ya san cewa ba kowane intigiral ne ake warware shi da alƙalami ba. Wani lokaci f tana da wuyar sha'ani, wani lokaci kuma babu ma f ɗin a rubuce, sai dai jerin awo da safiyo ya ɗauko daga bakin kogi ko daga ramin da ake haƙa. Abin da ake nema shi ne girman filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi daga a zuwa b. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka filin sala-sala, a haɗa kan kowace sala da miƙaƙƙen layi, wato ƙa'idar tarafiziyam. Ƙa'idar Simpson ta ɗara wannan da taki ɗaya: tana ɗaukar ɗigo uku a jere, ta ratsa su da farabola, ta auna filin da ke ƙarƙashin farabolar a madadin na ainihi.

Sunan na Thomas Simpson ne, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rayu daga 1710 zuwa 1761, wanda ya buga ƙa'idar a 1743. Ba shi ne farkon saninta ba. Jamusawa har yau suna jingina ta ga Johannes Kepler, suna kiranta ƙa'idar ganga, saboda littafin da ya fitar a 1615 kan auna cikin gangunan giya. Tarihin ke nan a taƙaice. Abin da ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne wata riba da ƙa'idar ke bayarwa wadda ba a biya kuɗinta ba: bisa lissafin farko ya kamata kuskurenta ya tafi da h³, amma da h⁴ yake tafiya.

Daga ina 1, 4, 1 suka fito

Ɗauki ɗigo uku masu tazara ɗaya, h. Domin sauƙi, sa na tsakiya a kan sifili, sauran biyun a kan −h da +h. Kira tsayin layin a wuraren nan f₀, f₁ da f₂. Farabolar da ta ratsa su tana da siffar At² + Bt + C. Idan aka ɗauki intigiral ɗinta daga −h zuwa +h, sashen Bt yana ɓacewa, domin abin da ya bayar a dama shi ya karɓe a hagu. Abin da ya rage shi ne 2Ah³/3 + 2Ch. To, C ita ce f₁, kuma f₀ + f₂ daidai yake da 2Ah² + 2C. Da aka musanya waɗannan sai a sami:

S = (h/3)[f₀ + 4f₁ + f₂]

Ka riƙe yadda Bt ta ɓace ɗin nan, domin dabarar za ta sake dawowa, kuma ita ce gaba ɗayan sirrin.

Farabola ɗaya ba ta isa ta bi dogon layi ba, shi ya sa ake jera su. A raba tazarar a zuwa b gida n, kowane gida faɗinsa h = (b − a)/n. Kowace farabola tana cin gida biyu, saboda haka dole n ta zama cika, ba mara ba. Ɗigon da farabola ɗaya ta ƙare a kansa shi ne wanda ta gaba ke farawa da shi, sai a ƙirga shi sau biyu, 1 da 1 su zama 2. Abin da ya sa nauyin ɗigogin ke tafiya 1, 4, 2, 4, 2, har zuwa 4, 1 ke nan:

S = (h/3)[f₀ + 4f₁ + 2f₂ + 4f₃ + … + 2fₙ₋₂ + 4fₙ₋₁ + fₙ]

Akwai gwaji mai arha da ke kama yawancin kurakuran hannu. Tara nauyin gaba ɗaya: dole jimlarsu ta zama 3n. Ga n = 4, 1 + 4 + 2 + 4 + 1 ya ba da 12. In jimlar ba ta kai haka ba, an tsallake ɗigo ko an juya 4 da 2, kuma ko f ɗin da ba ta sauyawa ba za ta fito daidai ba.

Misali da hannu

Mu ɗauki f(x) = 1/x daga 1 zuwa 2. Na zaɓe ta ne don an san amsarta, ln 2 = 0.69314718, saboda haka za mu iya ganin kuskuren ƙuru-ƙuru maimakon mu yi hasashensa.

Da n = 2, h rabi ne. Tsayin layin a 1, 1.5 da 2 shi ne 1, 0.6666667 da 0.5. Jimlar 1 + 4(0.6666667) + 0.5 ta ba da 4.1666667, a ninka da h/3, wato ɗaya bisa shida, a sami 0.69444444. Da ɗigo uku kacal an riga an sami lambobi biyu daidai bayan ɗigon desimal.

Da n = 4, h kwata ne. Ɗigogin su ne 1, 1.25, 1.5, 1.75 da 2, tsayinsu kuma 1, 0.8, 0.6666667, 0.5714286 da 0.5. Na bakin biyu sun ba da 1.5. Masu nauyin 4 su ne 0.8 da 0.5714286, sun ba da 5.4857143. Mai nauyin 2 shi ne na tsakiya, ya ba da 1.3333333. Jimla 8.3190476, a raba da 12, a sami 0.69325397. Haka za a ci gaba da n = 8 da n = 16, ga abin da ke fitowa:

| n | S | kuskure | sau nawa ya ragu |
|---|---|---|---|
| 2 | 0.69444444 | 0.00129726 | |
| 4 | 0.69325397 | 0.00010679 | 12.1 |
| 8 | 0.69315453 | 0.00000735 | 14.5 |
| 16 | 0.69314765 | 0.00000047 | 15.6 |

Layin ƙarshe na teburin shi ne abin dubawa. Duk lokacin da aka raba h biyu, kuskuren yana raguwa sau 12, sau 14 da rabi, sau 15 da ɗoriya, yana dosar 16. Sha shida kuwa ita ce 2⁴. Da kuskuren da h³ yake tafiya, da 8 za mu gani. Wannan shi ake nufi idan an ce ƙa'idar tana mataki na huɗu, kuma cikakken bayaninsa shi ne:

I − S = −(b − a)h⁴ f⁗(ξ)/180

inda I ita ce amsar gaskiya, f⁗ diribatif na huɗu, ξ kuma wani wuri tsakanin a da b da ba a san takamaimansa ba. Alamar ragi tana da ma'ana: in f⁗ tana sama da sifili a ko'ina, kamar ta 1/x, Simpson tana zarce gaskiya ne, ba ta gaza. Teburin ya nuna haka, duk amsoshin sun ɗan ɗara ln 2.

Abin da ya kamata a yi tsammani

Don a ga cewa h⁴ abin mamaki ne, sai an fara yin lissafin da ke ba da h³. Idan aka ratsa ɗigo uku da farabola p, giɓin da ke tsakaninta da f a kowane wuri x sananne ne:

f(x) − p(x) = f‴(ξ)(x − x₀)(x − x₁)(x − x₂)/6

Kowane ɗaya daga cikin bakan nan uku girmansa bai wuce ninkin h ba, saboda haka giɓin yana tafiya da h³. Faɗin wurin da farabolar ta rufe 2h ne, sai kuskuren fili na farabola ɗaya ya zama kimanin h⁴. Farabolun kuwa guda n/2 ne, wato (b − a)/2h, kuma tara su yana cinye h ɗaya. Sakamako: h³.

Wannan lissafi ba shirme ba ne. In ka yi shi a kan tarafiziyam, yana ba da amsa daidai: ɗigo biyu, giɓi h², kuskuren gida ɗaya h³, jimla h². Kuma haka tarafiziyam take. Mai hankali zai ce ƙarin ɗigo ɗaya ya kamata ya sayo ƙarin mataki ɗaya, daga 2 zuwa 3. Sai ga shi ya sayo biyu.

Inda lissafin ya yi sakaci shi ne ya auna girman giɓin bai dubi alamarsa ba. A tarafiziyam, (x − x₀)(x − x₁) alamarta ɗaya ce daga farkon gida zuwa ƙarshensa, miƙaƙƙen layin yana gefe ɗaya na f, kuskuren yana taruwa ne kawai. A Simpson ba haka ba ne. Farabolar tana tsallaka f a ɗigon tsakiya. In tana ƙasa da f a gidan hagu, to tana sama da ita a gidan dama.

A gani da ido: x³

Babu misalin da ya fi f(x) = x³ daga 0 zuwa 2 fito da wannan fili. Amsar gaskiya 4 ce. Simpson da h = 1 ta ba da (1/3)[0 + 4(1) + 8], wato 12 bisa 3, wato 4 cif. Babu kuskure ko na ƙwayar zarra, alhali farabola ba za ta taɓa kwanciya a kan x³ ba.

Farabolar da ta ratsa (0, 0), (1, 1) da (2, 8) ita ce 3x² − 2x. A x = 0.5, x³ tana 0.125, farabolar kuma tana −0.25, ta nutse ƙarƙashin sifili ma. Giɓin 0.375 ne, ba ƙarami ba. A x = 1.5, x³ tana 3.375, farabolar tana 3.75: giɓin 0.375 ne kuma, amma a juye. Giɓin gaba ɗaya shi ne x(x − 1)(x − 2). Filinsa daga 0 zuwa 1 kwata ne, daga 1 zuwa 2 kuma kwata ne na ragi. Kamar mangala ce a bayan jaki: kowane ɓangare da nauyinsa, amma tunda nauyin ɗaya ne kuma an ɗora ta a tsakiyar baya, ba ta rinjaya ko'ina.

Wannan ba sa'ar x³ ba ce ko ta lambobin 0, 1, 2. In aka koma ga t da ke auna nisa daga ɗigon tsakiya, (t + h)t(t − h) ta zama t³ − h²t. Sauya t da −t yana juya alamarta kawai, kuma duk abin da ke da wannan hali, intigiral ɗinsa daga −h zuwa +h sifili ne. Dalilin da ya ɓatar da Bt tun farko shi ne ya ɓatar da t³. Saboda haka ƙa'idar da aka gina don ta yi daidai a kan folinomiyal mai daraja 2 ta wayi gari tana daidai a kan mai daraja 3, ba tare da an ƙara mata ɗigo ba.

A x⁴ ne abin ya tsaya. Daga 0 zuwa 2 amsar gaskiya 6.4 ce, Simpson kuma ta ba da (1/3)[0 + 4 + 16], wato 6.6667. Ta zarce da 0.2667. t⁴ ba ta sauya alama, hagu da dama duk gefe ɗaya suke ja.

Akwai wuri ɗaya da ɗalibai kan zame a nan. Sukan ce tunda intigiral ɗin (x − x₀)(x − x₁)(x − x₂) sifili ne, ai kuskuren ma sifili ne ga kowace f. Ba haka ba ne, domin ξ da ke cikin f‴(ξ) tana sauyawa da x, ba a iya fitar da ita waje kamar tsayayyar lamba. Abin da ke soke juna shi ne kason f‴ da bai sauya ba tsakanin gidan hagu da na dama. Abin da ya sauya yana nan, kuma girman sauyin f‴ a kan tazarar h shi ne kimanin h sau f⁗. Ga inda ƙarin h ɗin ya fito, ga kuma dalilin da ya sa diribatif na huɗu ne ke cikin kuskuren, ba na uku ba.

Inda 90 da 180 suka fito

Jerin Taylor a kan ɗigon tsakiya yana ba da lambobin cikin layi kaɗan. A buɗe f a matsayin f + f′t + f″t²/2 + f‴t³/6 + f⁗t⁴/24, duk diribatif ɗin a tsakiya. A intigiral daga −h zuwa +h, sassan t da t³ sun faɗi:

I = 2hf + h³f″/3 + h⁵f⁗/60 + …

A ɓangaren Simpson, idan aka tara f(−h) da f(+h), sassan nan guda biyu sun sake faɗuwa, saboda alamarsu ta saɓa:

S = 2hf + h³f″/3 + h⁵f⁗/36 + …

Sassa biyun farko sun yi daidai, don haka aka zaɓi 1, 4, 1. Sashen f‴ kuwa babu wanda ya yi masa aiki, babu shi ne a kowane ɓangare. Bambanci na farko shi ne 1/60 − 1/36, wato −1/90, kuskuren farabola ɗaya ke nan: −h⁵f⁗/90. Jarraba shi da x⁴: f⁗ tana 24, h tana 1, 24 bisa 90 ya ba da 0.2667, abin da muka gani ɗazu. Ninka h⁵/90 da yawan farabolu, (b − a)/2h, sai 90 ta zama 180, h⁵ ta zama h⁴.

Ni dai bayanin da ya fi kwanta mini shi ne wannan na daban. Tunda (x − x₀)(x − x₁)(x − x₂) sifili ce a ɗigogin uku, kuma filinta sifili ne, kana iya ƙara kowane ninkinta a kan farabolar ba tare da amsar Simpson ta motsa ba. To, zaɓi ninkin da zai sa gangarar sabon layin ta dace da gangarar f a tsakiya. Yanzu kana da folinomiyal mai daraja 3 da ta cika sharuɗɗa huɗu, kuma Simpson filinta take aunawa tun asali, ko ba ka sani ba. Giɓinta yana ɗauke da (t + h)t²(t − h), wadda ba ta sauya alama, saboda haka a wannan karon ana iya fitar da f⁗ waje da hujja. Intigiral ɗinta −4h⁵/15 ne, a raba da 24 a sami −h⁵/90. Hujjar da littattafai masu tsanani ke bi ke nan.

Akwai kuma hanyar gani ta uku, mai amfani ga wanda ya riga ya lissafa tarafiziyam. Kuskuren tarafiziyam, in f mai santsi ce, yana zuwa ne da h², h⁴, h⁶, babu h³ a cikinsa sam. Idan T(h) da T(2h) su ne amsoshinta da tazara biyu, haɗin [4T(h) − T(2h)]/3 yana kashe sashen h², kuma in ka buɗe haɗin nan za ka tarar ƙa'idar Simpson ce harafi da harafi. An kashe h², babu h³ da zai gaje shi, sai h⁴.

Wannan riba ba ta zuwa a kowane mataki. Ƙa'idar Simpson ta uku bisa takwas tana amfani da ɗigo huɗu, amma ita ma a daraja 3 take tsayawa, kuskurenta da h⁴ yake tafiya: ɗigo na huɗun ya sayo abin da aka riga aka samu kyauta. Sai an kai ɗigo biyar, ƙa'idar Boole, ribar ke dawowa, a yi daidai har daraja 5. Ƙa'idojin da yawan ɗigoginsu mara ne, masu ɗigo a tsakiya cif, su ne ke cin wannan gajiyar.

Gida nawa ake bukata

In ana iya lissafa f⁗, ana iya zaɓar n tun kafin a fara. Ga 1/x, f⁗ = 24/x⁵, mafi girmanta tsakanin 1 da 2 shi ne 24. Idan ana son kuskure ƙasa da 0.000001, sai 24h⁴/180 ya gaza wannan, wato h ta gaza 0.0523, n ta wuce 19, a ɗauki 20. Wannan iyaka tana da tsoro da yawa, domin ta ɗauka f⁗ tana 24 a ko'ina, alhali a x = 2 ta sauko 0.75. A zahiri n = 14 ta isa. Tarafiziyam kuwa tana bukatar gida wajen 250 kafin ta kai nan. Bambancin mataki na biyu da na huɗu ke nan a aikace.

Sau da yawa f⁗ ba ta lissaftuwa, ko kuma wahalarta ta fi ta intigiral ɗin kansa. A nan sai a bar amsoshin su auna kansu. Tunda kuskuren S(2h) ya ninka na S(h) kusan sau 16, bambancin amsoshin biyu ya ninka kuskuren S(h) kusan sau 15. A misalinmu, S na n = 4 da na n = 8 sun bambanta da 0.00009944. Raba da 15, ka sami 0.00000663, kuskuren gaskiya kuma 0.00000735 ne. Bai yi cif ba, amma ya faɗi girman abin. In ka cire wannan ƙiyasi daga amsar n = 8, ka sami 0.69314790, wadda kuskurenta ya ragu kusan sau goma ba tare da sabon awo ko ɗaya ba. Wannan gyara shi ake kira da sunan Richardson, kuma abin da ya fito ƙa'idar Boole ce.

Ga mai kwamfuta, aikin bai wuce wannan ba:

```python
def simpson(f, a, b, n):
    if n % 2:
        raise ValueError("n must be even")
    h = (b - a) / n
    s = f(a) + f(b)
    for i in range(1, n):
        s += (4 if i % 2 else 2) * f(a + i * h)
    return s * h / 3
```

Kafin ka yarda da shi, ba shi x³ daga 0 zuwa 2 da n = 2. In bai ba da 4 ba, akwai matsala a nauyin.

Yadda ribar ke salwanta

Ƙarin matakin yana tsaye ne a kan sharuɗɗa biyu: ɗigon tsakiya ya kasance a tsakiya, f kuma ta kasance mai santsi har diribatif na huɗu. Kowanne ya karye, h⁴ ta tafi, kuma lissafin ba zai yi maka ƙara ba, lamba zai ba ka kamar kullum.

Fara da na farko. Koma ga x³ daga 0 zuwa 2, amma ka matsar da ɗigon tsakiya zuwa 0.5, ka ratsa ɗigogin da farabolar da ta dace da su. Giɓin yanzu x(x − 0.5)(x − 2) ne, filinsa kuma −2/3, ba sifili ba. An yi komai bisa ƙa'ida, amma an koma mataki na uku. Wannan yana shafar masu aiki da awon fili kai tsaye, domin safiyo ba koyaushe yake samun kafa sandarsa a tazara ɗaya ba, wani wurin dutse ne, wani wurin ruwa. Abin lura shi ne ba dole ne duk farabolun su zama faɗi ɗaya ba. Kana iya matse su inda layin ke murɗewa, ka sake su inda ya miƙe, matuƙar kowacce ɗigonta na tsakiya yana tsakiyarta. Mafi muni shi ne a ɗora 1, 4, 2, 4, 1 a kan awon da tazararsa ba ɗaya ba, a yi amfani da matsakaicin h. Wannan ba Simpson ba ce kuma, tarafiziyam da aka yi da tazarar gaskiya ta fi ta aminci.

In gidajen mara ne, kamar a ce awo takwas da suka ba da gida bakwai, kada a cike gidan da ya rage da tarafiziyam. Kuskuren gida ɗayan nan da h³ yake tafiya, zai kuma rinjayi na sauran duka. A yi wa gida huɗu Simpson ta yau da kullum, ukun ƙarshe a yi musu ta uku bisa takwas, (3h/8)[f₀ + 3f₁ + 3f₂ + f₃], sai matakin ya tsaya a huɗu.

Sharaɗi na biyu ya fi ɓuya. Ɗauki √x daga 0 zuwa 1, amsarta 2/3. Layin ba shi da tsalle ko karaya, ido ba ya ganin aibunsa. Simpson ta ba da 0.638071 da n = 2, 0.656526 da n = 4, 0.663079 da n = 8. Kurakuran su ne 0.0286, 0.0101 da 0.0036: kowane rabi yana rage kuskuren sau 2.8 kawai, ba 16 ba. Dalilin yana x = 0, inda gangarar √x ta miƙe tsaye, f⁗ kuma ba ta da iyaka. Farabolar farko ita kaɗai ke ɗauke da kusan duk kuskuren, kuma yana tafiya da h^1.5, ko matakin tarafiziyam na yau da kullum bai kai ba. In a nan ka raba bambancin amsoshi da 15, za ka yaudari kanka: 0.663079 da 0.656526 sun bambanta da 0.00655, kashi ɗaya bisa 15 na wannan 0.00044 ne, kuskuren gaskiya kuma ya ninka haka sau takwas. Maganin ba ƙara n ba ne. Sauya x da t², intigiral ɗin ya koma na 2t² daga 0 zuwa 1, wanda Simpson ke bayarwa cif da ɗigo uku.

Haka abin yake ga layin da ke da kusurwa, irin |x − c|. In kusurwar ta faɗa cikin wata farabola, matakin yana faɗuwa. A raba intigiral ɗin biyu a daidai c, kowane ɓangare a yi masa nasa lissafin, matsalar ta ƙare.

Awon da ke da hayaniya kuma wani abu ne daban. In kowane tsayi da aka auna yana iya kaucewa da santimita ɗaya ko biyu, h⁴ ba ta da abin da za ta yi a kai, domin kuskuren awon ya shiga jimlar kai tsaye. A irin wannan hali fifikon Simpson a kan tarafiziyam yakan zama na takarda kawai. Akwai ma inda tarafiziyam ke kayar da ita warwas: f mai santsi da ke maimaita kanta, in an ɗauki intigiral a kan cikakken zagaye ɗaya.

Saboda haka kada ka tsaya a amsa biyu. Lissafa uku, da n, 2n da 4n, ka raba bambancin na farko da na biyu da bambancin na biyu da na uku. A misalin 1/x, 0.00119047 bisa 0.00009944 ya ba da kusan 12, kuma yana hawa zuwa 16 in aka ci gaba. In ka ga lamba tana dosar 16, raba da 15 ka yarda da ƙiyasin. In ta tsaya wajen 8, duba ko ɗigogin tsakiya sun kauce ko an cike wani gida da tarafiziyam. In ta tsaya a 4 ko ƙasa, ko tana tsalle ba tsari, koma ka binciki f kanta, musamman a bakin a da b, kafin ka ƙara ko gida ɗaya.